Katan 50 a takarda, katan 50 a sito, amma kaya ba su cika ba

Invois ɗin ya iso teburina ne saboda bel guda 20. Ba don su ba, da ya bi layin sauran takardun da ake biya a ƙarshen mako, ba wanda zai ɗaga kai ya dube shi. A lokacin ni ke riƙe da teburin biyan masu kawo kaya a wata masana'anta, kuma dokar teburin guda ce: kuɗi ba sa fita sai takardu uku sun yi magana da baki ɗaya. Takardar oda ta faɗi abin da muka nema da farashin da aka yi ciniki a kai. Takardar kawo kaya, wadda direbobi ke kira webil, ta faɗi abin da ya iso. Invois kuma ya faɗi abin da mai kaya ke neman a biya shi. Ana gwada farashin invois da na oda, a gwada adadin invois da abin da sito ya karɓa, layi bayan layi.

Odar da ake magana a kai layi uku ce. Filtar mai guda 240, kowace a kan 850, ya kama 204,000. Bel ɗin injin guda 60, kowane a kan 2,400, ya kama 144,000. Sai salatef na ɗaure kwali, katan 50, kowane katan a kan 9,000, ya kama 450,000, kuma an rubuta a bayanin layin cewa katan ɗaya na ɗauke da guda 72. Jimla 798,000, biya bayan kwana 30 daga ranar invois. Na bar haraji a gefe don kada lissafin ya cunkushe.

Invois ya zo da jimlar 801,600. Wanda ya tsaya a kan jimla kaɗai zai ga bambancin 3,600 ne, bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, ya sa hannu. Shi ya sa ba na yarda da gwajin jimla da jimla. Jimla tana nuna cewa mai kaya ya iya kwafar odarmu, ba ta nuna abin da aka sauke daga mota.

Abin da kwamfuta ta kama

Manhajarmu ta tsayar da invois ɗin a layi na biyu. An nemi kuɗin bel 60, sito ya shigar da 40. Webil ɗin ma 40 ya ce, har an rubuta da biro a gefe cewa sauran na tafe. Wannan irin saɓanin kullum ana samunsa, kuma galibi ba ha'inci ba ne: ofishin da ke buga invois yana kallon odar da aka karɓa, ma'ajiyar da ke loda mota tana kallon abin da ke kan kanta, ba sa jiran juna. Bel 20 sau 2,400, wato 48,000 da ba za a biya ba sai kaya sun zo. Nan babu gardama.

Layin farko ya wuce ba tare da an tsayar da shi ba, ko da yake farashinsa ya canza. An buga filta a kan 865 maimakon 850. Ƙarin 15 a kan 850 bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, mu kuma an saita mana manhaja ta ƙyale duk bambancin farashin da bai wuce kashi 2 ba. Wannan sassaucin yana da dalili. Idan aka ce duk ɗan ƙwaryaƙwaryan bambanci sai an buɗe masa fayil, lokacin ma'aikatan da zai ci ya fi kuɗin da za a ceto. Sai dai an yi shi ne don ragowar lissafi da ƙananan kurakurai, ba don mai kaya ya ƙara farashi a shiru ba. Na duba invois biyu na baya daga wannan mai kayan, na ga filta a kan 850 daidai. Ke nan 865 sabon farashi ne da ya shiga jerin farashinsu bayan an riga an ba su odarmu. Sau 240, ya zama 3,600. Ba yawa, amma oda yarjejeniya ce, kuma in ka biya sau ɗaya ba ka ce uffan ba, gobe shi ne farashin.

Layi na uku kuwa fes yake. Oda katan 50, webil katan 50, shigarwar sito katan 50, invois katan 50 a kan 9,000. Ba abin da kwamfuta za ta ce.

Minti shida

Tun da an riga an tsayar da invois ɗin, sai na sa aka kawo min ainihin webil ɗin daga sito, ba hotonsa da ke kwamfuta ba. Takarda ce ruwan hoda, kwafi na biyu, an naɗe ta gida huɗu, ga tabon baƙin mai a kusurwa inda babban yatsa ya riƙe. Hatimin mai gadi ya nuna motar ta shigo ƙarfe 4:50 na yamma. Shigarwar karɓar kaya a kwamfuta ta nuna 4:56.

Na daɗe ina kallon waɗannan lambobi biyu. A minti shida mota ba ta ma gama juyawa ta kafa baya a bakin sito ba, balle a sauke katan 50, a ƙirga filta 240. Abin da ya faru a fili yake: an karɓi takardar daga hannun direba, an zauna gaban kwamfuta, an kwafe abin da ke jikinta. Ba a nan kaɗai ake yin haka ba. Duk inda mota ta iso dab da tashi daga aiki, ga direba na hura hanci yana son juyawa, jarabar kwafe webil tana nan.

Nan ne gizo ke saƙar a dukan wannan tsarin. Ana cewa takardu uku, amma a duba waɗanda suka rubuta su. Oda tamu ce. Invois na mai kaya ne. Webil ma na mai kaya ne, ma'ajiyarsa ce ta buga shi. In aka gwada invois da webil aka ga sun dace, abin da aka tabbatar kawai shi ne mutum ya yarda da maganar kansa. Shaida ta uku ba ta samuwa sai wani namu ya tsaya a kan kayan da idonsa da hannunsa, ya rubuta abin da ya ƙirga a takardar karɓar kaya. Ita ce ƙafa ta uku ta gaskiya, webil ɗan rakiya ne. Idan takardar karɓar kaya kwafin webil ce, to murhun duwatsu biyu gare shi, ko da allon kwamfuta ya nuna uku.

Da wannan zargin na sake bin webil ɗin a hankali, har da ƙananan rubutun da ba a cika karantawa ba. A odarmu lambar salatef ita ce `TP48-72`. A webil da invois an buga `TP48-60`. Manhajarmu ba ta gwada lambar da mai kaya ya sa wa kayansa, tana haɗa layin invois da layin oda ne ta lambar oda da lambar layi, sannan ta dubi adadi da farashi. Lambobi biyun ƙarshe ba su shiga lissafinta ba.

Na sauka sito da takardar a hannu. Mai kula da siton dattijo ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma ya fi shekara goma a wurin.

Na ce, "Baba, salatef ɗin da aka kawo makon jiya, an taɓa shi?"

Ya ce, "An fitar da katan shida zuwa wajen ɗaurin kaya. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. So nake mu buɗe ɗaya tare."

Ya jawo katan daga saman jeri, ya zaro 'yar wuƙarsa ya tsaga bakin. Salatef ɗin a jere suke, shida-shida a tsaye cikin leda, sahu goma. Ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa, sannan ya juya katan ɗin. A gefen da ke kallon bango an buga 60 da manyan lambobi. Muka duba sauran 43 da ba a buɗe ba, kowanne 60.

Ya yi shiru, can ya ce, "Ranar ina asibiti. Yaron nan na bar wa makulli."

Ko da yana nan, ban tabbata zai kama ba, kuma na faɗa masa haka. Katan 50 aka ce, katan 50 aka sauke. Takardar da sito ke gani lokacin karɓa tana nuna adadi da ma'auni, wato katan, amma bayanin guda 72 yana can cikin dogon rubutun oda da ba ya fitowa a allonsu.

Lissafin ba wuya. Mun yi oda guda 3,600, wato 50 sau 72, kowane ya tashi a kan 125. An kawo 3,000. Gibin guda 600 ne, kuɗinsu 75,000. Layin da duk takardu suka amince da shi ya fi sauran biyun ɓarna ko an haɗa su. Abin da ya kamata a biya a ranar shi ne 204,000 na filta, 96,000 na bel 40, da 375,000 na salatef 3,000: 675,000. Invois ya zarce da 126,600, kwamfuta kuma 48,000 kaɗai ta gani.

Akwai wani ɓangaren da ya fi damuna fiye da kuɗin. Sito yana karɓar salatef da katan amma yana fitar da shi da guda, don haka an saita manhaja ta juya kowane katan zuwa 72. Tun ƙarfe 4:56 na ranar littafi ke cewa akwai 3,600 a kan kanta. Da an biya an wuce wurin, sai ranar ƙidayar kaya ta ƙarshen wata uku a tarar babu guda 600. A lokacin katan-katan ɗin sun tafi bola, invois ya shige fayil da hatimin an biya, ba wanda zai koma kansa tunda ya dace. Tambayar da za a yi ita ce wa ke riƙe da makullin sito. Kuskuren da aka yi a bakin ƙofa sai ya koma zargin sata a kan mutumin da ko wurin ba ya nan.

Matsin lamba

Kwana 22 ke nan da ranar invois, saura takwas wa'adi ya cika. Manajan saye ya hauro ofishinmu da kansa, don mai kayan ya kira shi sau biyu, kuma shi kaɗai ke da irin bel ɗin da injinanmu ke ci.

Ya ce, "Mutanen nan ba za su gudu da bel ashirin ba. A sake musu kuɗinsu, in ya so ma daidaita a oda ta gaba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bel ɗin ne ƙaramar matsalar." Na miƙa masa marfin katan ɗin da na yanko.

Da ya ga 60, shawarar farko da ta zo masa ita ce a gyara odar: a mayar da filta 865, a goge 72 daga bayanin salatef, komai ya dace, kwamfuta ta saki kuɗi. Ba mugun nufi ne da shi ba, hanyar da ta fi sauri ya gani. Amma odar da aka gyara bayan invois ya iso don ta yi daidai da shi ta daina zama shaida, ta zama kwafi na uku na maganar mai kaya. Odita in ya zo, abu na farko da yake nema ke nan, odar da ranar gyaranta ta biyo bayan ranar invois. Gyaran oda ba haramun ba ne. Idan sashen saye ya ga ƙarin farashin ya cancanta, sai ya nemi amincewar wanda ya sa hannu a odar tun farko, a rubuta dalili, a gyara a fili. Wanda ba zai taɓa odar ba shi ne ni, kamar yadda shi ma ba shi da ikon shigar da karɓar kaya, sito kuma ba shi da ikon sakin kuɗi. Duk ƙarfin tsarin yana cikin wannan rabuwar hannaye ne.

Maganar a daidaita a oda ta gaba ita ma na ƙi ta, don na san ƙarshenta. Kafin a biya, mai kaya ne ke kiranka. Bayan an biya, kai ne za ka riƙa kiransa.

Muka rubuta wa mai kayan wasiƙa ɗaya mai ɗauke da abubuwa ukun, kowanne da lambar layin oda, da abin da aka nema, da abin da aka samu, da kuɗin bambancin. Muka haɗa da hoton katan 44 a jere da lambar 60 a jikinsu, da kwafin takardar farashin da su da kansu suka aiko kafin oda, inda aka rubuta guda 72.

Amsarsu ta farko ita ce wadda na yi tsammani: an sa hannu a webil cewa kaya sun iso cif-cif. Gaskiyarsu ne, yaron sito ya sa hannu a ƙarƙashin layin da ke cewa an karɓi kaya lafiya kuma a cike, bai rubuta komai a gefe ba. Da gibin a filta ne, a ce an buɗe an tarar 228 maimakon 240 bayan kwana tara, da ba mu da bakin magana, don wa zai rantse ba a sitonmu suka ɓata ba? Abin da ya cece mu shi ne katan-katan ɗin a rufe suke da hatimin masana'antar da ta yi su, kuma takardarsu ce da kanta ta ce `TP48-60`. Ba mu ce sun kawo ƙasa da abin da webil ya faɗa ba. Cewa muka yi abin da webil ya faɗa ba shi muka yi oda ba.

Bayan kwana biyu jami'arsu ta ciniki ta kira ta yi bayani. Masu yin salatef ɗin sun rage girman katan daga 72 zuwa 60, ma'ajiyarsu ta ɗauki sabon katan a matsayin madadin tsohon, wanda ya buga invois kuma ya kwafi farashin katan daga odarmu. Na yarda da ita. Ta ba mu zaɓi: ko su ƙaro katan 10 na guda 60, ko su rage kuɗin. Sashen ɗaurin kaya ya ce 3,000 za su ishe su zuwa oda ta gaba, muka zaɓi ragi. Farashin filta ma suka janye shi a wannan odar.

Suka aiko da takardar rage bashi ta 78,600, wato 75,000 na salatef da 3,600 na filta, mai ɗauke da lambar invois na asali. Wannan takardar ba ado ba ce. Ba a gyara invois ɗin wani da biro, ba a kuma biyan ƙasa da shi a yi shiru, domin littafin mai kaya zai ci gaba da nuna ana binmu, kuma inda harajin ya hau kan invois, shi ma sai da takardar yake sauka. A namu ɓangaren sito ya soke shigarwar katan 50 ya sake shigar da guda 3,000, ranar gyaran da dalilinsa a rubuce. A kan bel kuwa suka ce kada a wahalar da juna da wata takarda, sauran 20 na zuwa cikin kwana goma. Muka amince. Ranar da wa'adi ya cika muka biya 675,000, muka bar 48,000 a tsaye a kan invois na farko.

Invois na biyu

Bel 20 suka iso bayan kwana 12. Wannan karon Baba ne ya karɓa, ya ƙirga su ɗaya-ɗaya, ya duba lambar da ke jikin kowanne. Washegari sai ga sabon invois, da sabuwar lamba da sabuwar rana: bel 20 a kan 2,400, jimla 48,000.

A ɗauki wannan invois ɗin shi kaɗai a gwada. Akwai oda? Akwai, farashi ya yi daidai. Akwai webil? Akwai, guda 20. Sito ya ƙirga? Ya ƙirga da gaske. Lambar invois ta taɓa shigowa? Ba ta taɓa ba, don haka binciken invois mai maimaici, wanda ke duba sunan mai kaya da lamba da adadin kuɗi, ba zai ce komai ba. Takardu uku sun dace sarai. A can gefe kuma ga ragowar 48,000 na invois na farko, wanda aka ce a sake shi da zarar bel sun iso, ga shi sun iso. Kaya ɗaya, ƙofofin biya biyu, kowace da hujjarta.

Inda ake yin gwajin da hannu, a haɗa takardu uku da fil a kai wa mai sa hannu, wannan biyan sau biyu yana wucewa salin alin, musamman in mutane biyu ne suka riƙe fayilolin. Abin da ke kama shi shi ne a daina kallon invois ɗaya-ɗaya, a riƙe lissafin kowane layin oda tun daga farkonsa: nawa aka yi oda, nawa aka karɓa zuwa yau, nawa aka nemi kuɗinsu zuwa yau. A layin bel, oda 60, karɓa 40 da 20, wato 60, invois 60 da 20, wato 80. Adadi na uku bai kamata ya taɓa wuce na biyu ba.

A littafin akanta wannan lissafin yana da gida, wato asusun wucin gadi na kayan da aka karɓa ba a kawo invois ɗinsu ba. Duk lokacin da sito ya shigar da kaya, ana rubuta kuɗinsu a farashin oda a gefe ɗaya na asusun, in invois ya shigo a rubuta a ɗaya gefen, su kashe juna. Masu aiki da manhajar lissafin kamfanoni ta SAP sun san shi da `GR/IR`: karɓar kaya ta `MIGO` ke cika shi, shigar da invois ta `MIRO` ke kwashe shi, invois ɗin da aka tsayar kuma a `MRBR` ake sakinsa. A layin bel, zuwan guda 20 ya mayar da asusun sifili, invois na biyu ya sake karkatar da shi da 48,000. Ragowar da ta kwana biyu a wannan asusun ko dai kaya ne da ba a nemi kuɗinsu ba tukuna, ko kuɗi ne da ake nema ba kaya, kuma duba shi kowane wata ya fi a jira ƙarshen shekara.

Na kira jami'ar tasu na karanta mata lambobin invois biyun. Ta yi dariya ta ce ma'ajiyarsu duk motar da ta fita sai ta haifi invois. Suka soke na biyun da takardar rage bashi, muka saki 48,000 na farkon. Abin da ya fita gaba ɗaya a kan odar 723,000 ne. Da an bi takardu yadda suka zo, 801,600 da 48,000, da 849,600 aka biya. Da na san haka za ta kasance, da tun farko na nace su rage kuɗin bel 20 daga invois na farko, su kawo sabo ranar da kaya suka zo. Kuskurena ne na bar ƙofa biyu a buɗe don gudun takarda ɗaya.

Abin da aka canza, da abin da bai canzu ba

Gyaran da ya fi tasiri shi ne aka ɓoye wa sito adadin oda. Yanzu allon mai karɓa yana nuna masa sunan kaya da lambarsu da yawan da ya kamata katan ya ƙunsa, amma gurbin adadi fanko ne, sai ya ƙirga ya cika. Wanda aka gaya wa 50 kafin ya fara, 50 zai gani. Webil kuma ana barinsa a ofishin ƙofa har a gama ƙirga, sannan a gwada. Ga kayan da ake saye da katan ana fitarwa da guda, ana buɗe katan ɗaya a gaban direba, kuma oda ta koma ana rubuta ta da guda. Motar da ta iso lokacin da ba mai ƙirgawa, an yi mata hatimi na musamman mai cewa an sauke, ba a ƙirga ba, kuma ba a shigar da komai a kwamfuta sai washegari. Sassaucin farashi ma an sa masa rufi biyu, kashi 2 cikin ɗari ko wani ƙayyadadden kuɗi, duk wanda ya fi ƙanƙanta, don kashi 2 na babbar oda ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka akwai abin da takardu uku ba sa gani ko an yi su da kyau. Ba sa faɗin ko farashin odar kansa an kumbura shi tun wajen ciniki. Ba sa kama mai saye da mai sito in sun haɗa baki da mai kaya. Ga aikin da ba a ƙirgawa, kamar gyaran inji, takardar shaidar kammala aiki ce ke maye gurbin ƙirga, ita kuma ƙarfinta gwargwadon sanin wanda ya sa mata hannu. Kuma ba ruwansu da asusun bankin da kuɗin za su faɗa. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi rajistar kamfani da sunan Quanta Computer, wanda Google da Facebook ke hulɗa da shi da gaske, ya riƙa aika takardun neman biya na jabu har ya karɓi sama da dala miliyan 100, kafin wata kotu a Amurka ta ɗaure shi shekara biyar a 2019. Maganin irin wannan yana wani teburin ne, inda ake tabbatar da duk sauyin asusun banki ta hanyar kiran lambar da aka riga aka sani.

Sabon tsarin ƙirga bai zo a kyauta ba. Motoci sun koma jiran kusan rabin awa a bakin sito, direbobi suna ƙorafi, manajan saye ma ya kawo ƙorafinsu taro sau biyu. An sassauta wa ƙananan kayan ofis, ana ƙirga kwalinsu kawai. Baba ya nemi a ƙara masa mutum ɗaya na yamma, aka ce a jira kasafin shekara mai zuwa. Oda ta gaba da aka ba mai kayan nan ta fita da filta a kan 865, da sa hannun wanda ya dace, salatef kuma guda 3,000 a kan 125, ba a ambaci katan ba.